“Kamar Yadda Kuke Gani”: Karanta Zanen Ƙididdiga a Gidan Rediyo

A watan Fabrairun 2025 na shiga motar haya daga Zariya zuwa Kano, bayan la'asar. Direba ya kunna rediyo, muka tarar ana hira da wani masanin tattalin arziki a kan sababbin alƙaluman hauhawar farashi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta fitar a makon. Daga jin muryarsa ka san mutumin ya san abin da yake faɗa. Muna jin ƙarar takarda yana juyawa, sai ya ce, “Kamar yadda kuke gani a nan, layin ya yi ta hawa, to a nan kuma sai ya faɗo.” Direba ya waiwayo ya dube ni, ya ce, “Malam, a ina muke gani?”

Kafin in amsa, mai gabatarwa ya naɗe zancen da cewa, wato ke nan kaya sun fara sauka. Wata dattijuwa da ke kujerar baya, wadda tun Zariya ba ta ce uffan ba, ta ce, “Ɗan nan, a wace kasuwa suka sauka?”

Tambayoyin nan biyu sun daɗe suna yi mini yawo a ka. Masanin bai yi ƙarya ba, takardar da ke gabansa ma gaskiya ta nuna. Sai dai takardar ta tsaya a ɗakin watsa shiri, abin da ya iso cikin motarmu kuma ragowar zance ne da ya bar mutum ɗaya cikin duhu, ya sa ɗayar ta ɗauka ana raina mata hankali. Ana cewa gani ya kori ji, to a rediyo babu ganin, ji ne kaɗai, shi kuma sau ɗaya yake wucewa. Mai karanta jarida in bai gane ba zai koma baya ya sake dubawa. Mai sauraro yana tuƙi, ko yana faskare, ko tana tankaɗe, abin da ya kuɓuce ya tafi ke nan.

Bari in fara bayyana zanen da nake jin yana gaban masanin, domin irinsa ya cika jaridu a lokacin. A ƙasan takarda an jera watanni daga hagu zuwa dama. A gefe an jera lambobi daga ƙasa zuwa sama, su ne kashi cikin ɗari. Sai layi guda da ya ratsa tsakiya. A Mayun 2023, watan da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, layin yana kan 22.41. A Disamban shekarar ya kai 28.92. A Yunin 2024 ya kai 34.19, ya ɗan sauko zuwa 32.15 a Agusta, ya sake hawa har 34.80 a Disamba. Sai a Janairun 2025 ya faɗo zuwa 24.48. Ido yana ɗauke wannan duka a kallo ɗaya: hawa mai tsawo, ɗan kwari, sai gangare. Kunne ba shi da wannan gatan, sai an jera masa abu bayan abu.

Kuskuren farko da baƙon rediyo yake yi shi ne ya ce bari ya karanto lambobin duka, tunda ba a ganinsu. Ku gwada da bakinku. Lamba ɗaya kawai, 34.80, in za a faɗe ta da Hausa sai an ce “kashi talatin da huɗu da ɗigo takwas cikin ɗari”. Kalma tara ke nan. Daga Mayun 2023 zuwa Janairun 2025 wata ashirin da ɗaya ne, kowanne da lambarsa da sunan watansa. Kafin ka kai ƙarshe ka furta kalmomi sama da ɗari biyu, kuma mai sauraro ya rabu da kai tun a wata na uku. Ba rashin ilimi ba ne ya sa ya rabu da kai. Ko shi masanin, in aka karɓe takardar aka karanto masa haka, ba zai riƙe ba.

Abin da ya fi kama da wannan aiki a rayuwarmu ta yau da kullum shi ne kwatance. In baƙo ya tsayar da kai a bakin Kasuwar Kurmi yana neman wani gida, ba ka lissafa masa kowace ƙofa da zai wuce. Ka fara tabbatar da inda yake tsaye, ka nuna masa inda zai fuskanta, ka ba shi alama biyu ko uku da ba za su ɓace masa ba, masallaci ko rijiya ko bishiyar darbejiya, sannan ka gaya masa inda zai tsaya. In akwai lungun da ke ruɗar mutane, ka ja masa kunne a kansa. Mai karanta zane a rediyo kwatance yake yi, kuma kamar kowane mai kwatance, sai ya san hanyar da kansa kafin ya buɗe baki.

Inda baƙon yake tsaye, a nan, shi ne abin da ake aunawa. Nan ne aka fi yin tsalle, domin masani yana ganin kowa ya san ma'anar “hauhawar farashi ta kai kashi 34.80”. Alhali mutane da yawa suna jin lambar ne kawai su san babba ce. Ma'anarta ita ce, in ka haɗa irin kayan da gida yake saye, abinci da haya da kuɗin mota da magani da sutura, abin da ka biya wa naira 1,000 a Disamban 2023 ya koma naira 1,348 a Disamban 2024. Kowace lamba a kan layin nan kwatanci ne tsakanin wata guda da takwaransa na bara. Da zarar ka faɗi haka, ka mayar da “kashi cikin ɗari” ya zama kuɗi a aljihu, kuma duk wanda ya taɓa riƙe dubu ɗaya a kasuwa ya shigo cikin hirar. Jimla biyu ce, ba ta cin daƙiƙa ashirin, amma in babu ita sauran bayanin duka a iska yake tafiya.

Bayan haka sai siffar tafiyar, kafin kowace lamba. Ka ce shekara ɗaya da rabi abin yana ta hawa, sau ɗaya kawai ya ɗan numfasa. Wanda ya ji wannan ya riga ya sami igiyar da zai rataye lambobin da za su biyo baya. In ka fara da lambobi, yana karɓarsu ne bai san inda zai ajiye su ba.

Lambobin kuma uku sun isa, in an matsa huɗu: inda aka tashi, inda aka fi nisa, inda ake yanzu. A wannan zanen, 22 da 35 da 24. Na san akwai masanan da ransu ba ya so a ce “kusan 35” alhali a rubuce 34.80 ne, suna ganin kamar an rage wa aikin daraja. Ni ina ganin akasin haka. Ɗigo takwas ɗin nan ba ya ƙara wa mai sauraro komai sai nauyi, kuma yana iya tura lambar da ta fi muhimmanci ta fice daga kansa. Amma cike lamba yana da iyaka. In labarin ranar shi ne ɗan saukin da aka samu tsakanin Yuni da Agustan 2024, ba za ka ce duka biyun “wajen kashi ɗaya cikin uku” ba, domin ka shafe labarin da hannunka. Sai ka ce daga 34 zuwa 32. In kuma daga Nuwamba ne zuwa Disamba, 34.60 zuwa 34.80, gaskiyar da ta fi ita ce ka ce kusan bai motsa ba. Girman tazarar da kake son nunawa shi ke gaya maka inda za ka yanke lambar.

Harshenmu ma yana da nasa ramukan, waɗanda ba a lura da su sai a iska. Arba'in da saba'in da casa'in duk ƙarshensu ɗaya ne, kuma a ƙaramar rediyo mai batir da ya fara sanyi, ko a mota mai ƙara, farkon kalma ne yake fara ɓacewa. Miliyan da biliyan harafi ɗaya ya raba su, alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau dubu. “Dubu ɗari biyu da hamsin” kuma yana iya zama 250,000 a kunnen wani, ya zama 200,050 a kunnen wani. Maganinsu ɗaya ne, ka ba lambar abokiyar tafiya: saba'in, wato saura talatin a cika ɗari, biliyan ɗaya, wato miliyan dubu, dubu ɗari biyu da dubu hamsin. In kuma tashar tana kaiwa Maraɗi ko Damagaram, kada a bar lamba tsirara babu sunan kuɗi, domin a can da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar, kuma sefa dubu ita ce jika ɗaya. Wanda ya ji “ɗari biyu” kawai a Katsina da wanda ya ji a Maraɗi ba abu ɗaya suka ji ba.

Yanzu sai lungun da ke ruɗar mutane, wanda shi ne ya sa dattijuwar nan ta yi magana. Layin da ke kan zanen ba farashi yake nunawa ba, saurin hawan farashi yake nunawa. In layin ya sauko daga 35 zuwa 24, kaya suna ci gaba da tsada, gudun ne ya ragu. Motar da ke gudun ɗari da ashirin ta koma tamanin ba ta juya baya ba, gaba take yi. Ku bi lissafin da alƙaluman hukumar kanta. A Disamban 2023 lambar 28.92 ce, wato abin naira 1,000 na Disamban 2022 ya zama 1,289. A shekarar da ta biyo aka ƙara kashi 34.80 a kan wannan, ya zama wajen 1,740. A ce shekara ta uku ta zo da kashi 24 kawai, kuɗin zai haura 2,100. Layi yana gangarowa a takarda, kuɗin cefane yana hawa. Ido ma yana ruɗuwa da wannan, balle kunnen da aka ce masa kawai “ya faɗo”. Kalmar “faɗowa” a kasuwa ma'ana ɗaya gare ta, kuma mai magana a rediyo ba shi da ikon ba ta wata ma'anar a ransa ya yi tsammanin za a gane.

A zanen Janairun 2025 akwai lungu na biyu, wanda ya fi na farko zurfi. Faɗowar nan ta fiye da goma a wata guda ba a kasuwa ta faru ba. Hukumar ce ta sabunta ma'auninta. Da tana auna farashi ne bisa shekarar 2009, sai ta mayar da shi bisa 2024, ta sake jera kayan da take bibiya, ta kuma sake raba musu nauyi. Abinci, wanda da ya haura rabin ma'aunin, ya koma wajen kashi 40. Sabunta ma'auni abu ne da hukumomin ƙididdiga suke yi a ko'ina, tunda abin da gidaje suke kashe wa kuɗi yana canzawa. Amma 34.80 da 24.48 ba da mudu ɗaya aka auna su ba. A zanen da aka yi da kyau za a ga an katse layin a wurin, ko an sa ɗan tauraro da ƙaramin rubutu a ƙasa. Wannan ƙaramin rubutun shi ne abin da ya fi saurin ɓacewa in zane ya shiga rediyo, domin ido ya saba tsallake shi, baki kuma yana bin ido. A ganina, duk wanda zai shiga da zane ɗakin watsa shiri, daga ƙasa ya kamata ya fara karantawa, tun yana gida. In akwai canjin mudu, a iska shi ne zai zo a jimla ɗaya da lambar, ba a ajiye shi sai ƙarshen hira lokacin da ake gaggawar sallama ba.

Akwai wata yaudarar ido da rediyo ke iya gyarawa ko ta ƙara ta. Masu zane sukan fara lambobin gefe daga 20 maimakon daga sifiri, don layin ya cika takarda. In aka yi haka, saukowa daga 35 zuwa 24 za ta yi kama da faɗowa daga saman bene har ƙasa. Mai magana da ya ɗauki kalmominsa daga tsayin gangaren zai ce “ya ruguzo” ko “ya yi warwas”, mai sauraro kuwa ba shi da gefen takardar da zai duba ya gane an zuzuta. Kalmar da za ka kwatanta motsi da ita, daga lambobin za ka zaɓe ta. Haka nan a kiyayi cewa “ya ragu da kashi goma”, domin za a ji kamar kayan dubu sun koma ɗari tara. A ce daga kaza zuwa kaza, shi ke nan.

To da ni aka ba takardar nan a ranar, ga abin da zan rubuta in shiga da shi, in bar zanen a waje:

“Masu sauraro, hukumar ƙididdiga ta NBS tana duba kuɗin kayan da gida yake saye, ta kwatanta da na bara war haka. Tun daga watan Mayun 2023, shekara ɗaya da rabi, tsadar tana ta ƙara gudu. A wancan watan, abin da aka saya naira dubu ɗaya shekara guda kafin nan ya koma dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai. Zuwa Disamban da ya wuce, abin dubu ɗaya na bara ya koma kusan dubu ɗaya da ɗari uku da hamsin. Rabon da a ga irin wannan tun kusan shekara talatin. Yanzu hukumar ta ce a Janairu abin dubu ɗaya na bara yana kusan dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, amma da sabon ma'auni ta auna, don haka ba a haɗa shi da na Disamba. Kuma ko a sabon ma'aunin, kaya ba su sauko ba. Sun fi na bara tsada da kusan kwata.”

Wannan bai kai minti ɗaya da rabi ba. Ba a ambaci layi ba, ba a ce hagu ko dama ba, ba a ce “nan” ba. Ma'auni guda aka riƙe daga farko har ƙarshe, dubu ɗaya, domin in ka fara da naira ka koma kashi cikin ɗari ka dawo mudu, ka sa mai sauraro yin canji a kansa alhali kana ci gaba da magana. An kuma faɗi wanda ya fitar da alƙaluman tun a jimlar farko, kafin lambar, don mutum ya san maganar wa yake ji. Abin da aka zubar ma yana da yawa: ɗan saukin Yuli da Agusta ya tafi, lambar Disamban 2023 ta tafi. Zubarwar ba ta yi mini daɗi ba, amma da su da gargaɗin canjin ma'auni, dole ɗaya ya ba ɗaya wuri.

Nan da nan wayoyi za su fara shigowa, kuma na san abin da mai kira na farko zai ce: shi shinkafar da yake saye ta kusa ninkawa, ina aka samo kashi 35? Yana da gaskiya, kuma bai kamata a yi masa gardama ba. Lambar matsakaici ce ta ƙasa baki ɗaya, an cuɗa Legas da Dawanau, an cuɗa gero da kuɗin makaranta. Hukumar tana fitar da ta abinci daban, kuma a Yunin 2024 ta abincin ta kai 40.87, sama da ta gaba ɗaya. Talakan da kusan duk abin da ya samu a baki yake tafiya, tasa tsadar ta fi kusa da wannan. Zanuka da yawa suna ɗora layukan biyu tare, ɗaya ja ɗaya shuɗi. A rediyo launi ba shi da aiki. A kira kowanne da sunansa, a gama da ɗaya kafin a taɓa ɗaya, sannan a faɗi dangantakarsu a jimla guda: abinci ya fi sauran kaya gudu.

Sai a kula da wurin da zane ya ƙare, ra'ayi ya fara. Layin ya nuna cewa hawan ya yi ƙarfi bayan Mayun 2023, amma bai rubuta dalili ba. Cire tallafin mai da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar bayanai ne da masana suke kawowa, kuma suna da ƙarfi, sai dai daga bakin masanin suke fitowa. A talabijin mai kallo yana iya raba abin da ke kan allo da abin da baƙo yake faɗa. A rediyo murya ɗaya ce take ɗauke da duka biyun, don haka sai mai maganar ya sa shinge da kansa, ya ce “wannan shi ne abin da alƙaluman suka nuna, ga kuma yadda ni nake fassara shi.” In bai sa ba, aikin mai gabatarwa ne ya tsayar da shi ya tambaya.

Hanyar gane ko rubutun ya yi tana da sauƙi, kuma ba ta bukatar na'ura. Kafin lokacin shiri, a nemi wanda bai ga takardar ba, mai gadi ko mai shayin bakin ƙofa ko direban tashar, a karanta masa sau ɗaya tak da irin saurin da za a yi a iska. Sai a ce ya maimaita abin da ya ji, ko ya zana tafiyar da yatsa a ƙasa. In ya zana hawa, ya kuma ce kaya har yanzu suna tsada amma an canza mudun awo, an gama. In ya ce “wato abubuwa sun yi sauƙi ke nan”, to a rubutun matsalar take, a koma a gyara kafin ta shiga kunnen dubban mutane. Na fi yarda da wannan gwajin a kan karanta wa abokin aiki, domin abokin aiki ya riga ya ga zanen, kuma zai cike giɓin da kansa ba tare da ya sani ba.

Ga masu gabatar da shirye-shirye da masanan da ake gayyata, roƙona shi ne a karɓi takardar daga hannun baƙo kafin a kunna makirufo, a ba shi mintuna goma ya rubuta kwatancensa a jimla biyar ko shida. Ku kuma masu sauraro, duk ranar da kuka ji an ce hauhawar farashi ta sauko, in an buɗe layin waya ku kira ku tambaya: gudun ne ya ragu ko kuɗin kaya, kuma da mudun bara aka auna ko da sabo?